Jawabin neman jari: me ake nufi da shi, yaya ake yin sa a gaban ƙungiyar mata?

Duk wanda ya leƙa wuraren horar da matasa sana'a a Gombe ko Bauchi a 'yan shekarun nan ya ji ana cewa a je a koyi jawabin neman jari. Ma'anarsa gajeriyar magana ce, ta minti uku zuwa biyar, wadda mai dabarar sana'a yake yi a gaban masu kuɗi domin su sa hannu a cikin dabarar. Ya bambanta da talla, domin mai talla kaya take sayarwa a ba ta kuɗi a rabu. Ya bambanta da roƙon taimako, domin wanda ya taimaka ba ya jiran komai. A jawabin neman jari kuwa, mai magana tana cewa ne: ga abin da zan yi da kuɗinku, ga abin da zai dawo muku, ga lokacin da zai dawo, ga kuma abin da zai iya hana shi dawowa. Idan ɗaya daga cikin huɗun nan ya ɓace, jawabin bai cika ba, komai daɗin bakin mai yin sa.

Mu ɗauki misalin budurwa daga yankin Kwadon ko Dadin Kowa a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, inda ruwan madatsa ya sa noman rani ya kafu. Tana so ƙungiyar matan unguwarsu, masu zubin adashi da asusun haɗin gwiwa, su tallafa mata ta yi kauɗar tumatir mai tsabta a cikin akwatin shanya mai aiki da zafin rana. Farashin da zan kawo duk na misali ne, domin kasuwa ba ta kwana wuri ɗaya. Yadda ake lissafin shi ne abin riƙewa.

Abu na farko da ya kamata ta sani, matan da ke gabanta sun fi ta sanin kauɗa. Tun kafin a haife ta suke yanka tumatir da kuɓewa suna shanyawa a kan tabarma ko a kan kwanon ɗaki. Idan ta ɓata minti biyu tana gaya musu cewa tumatir yana araha da sanyi, daga Janairu zuwa Maris, yana kuma tsada da damina, to ta ci rabin lokacinta a kan abin da kowace uwar gida ta sani daga tukunyarta. Gara ta shigo da faranti biyu. A ɗaya kauɗar kasuwa, wadda aka shanya a bakin titi, ta yi baƙi-baƙi, in ka tauna ka ji yashi. A ɗayan tata, ja wur, mai lanƙwasuwa kamar fata. Ta miƙa wa shugabar ƙungiya ta ce, "Hajiya, ki jiƙa su a ruwan ɗumi, ki duba ƙasan kwanon." Laka za ta kwanta a ƙarƙashin ta farko. Wannan kaɗai ya gama bayanin matsala.

Daga nan sai lissafi, kuma a ganina nan ne jawabin yake tsayawa ko ya faɗi. Tumatir kusan duk ruwa ne, kashi 94 zuwa 95 cikin ɗari. Saboda haka sai an busar da kilo goma sha shida ko kusa da haka kafin a sami kilo ɗaya na kauɗa, in dogon tumatir ne mai tauri da tsoka. Mai ruwa-ruwa yana iya cin kilo ashirin. Yawancin masu sabuwar dabara ba sa auna wannan, sai su yi lissafi da ido, su ɗauka kwando zai ba su rabin kwando. Ita kuwa ta zo da awonta: ta ɗora kwando a sikeli ya ba ta kilo 48, ta busar, ta sami kilo uku. Idan ta sayi kwandon naira 6,000, kowane kilo na kauɗa ya tashi mata a naira 2,000 kafin a sa kuɗin mota da leda. Mu ƙara 500, ya zama 2,500.

Tambayar da ke biye ita ce akwatin zai iya cin nawa. Akwatin shanya katako ne da aka rufe samansa da farar leda mai kauri ko gilashi, aka shafa wa cikinsa baƙin fenti domin ya kama zafi. Akwai ƙofar iska a ƙasa, akwai wata a sama, dukansu da raga saboda ƙuda. Iska tana shiga ta ƙasa, ta yi zafi, ta kwashi danshin tumatir ta fice ta sama. Ana yanka tumatir kauri bai kai santimita ɗaya ba, a jera shi a kan farantan raga ba tare da wani ya hau wani ba. Wannan sharaɗin na rashin ɗorawa shi ne iyakar sana'ar gaba ɗaya. A ce akwatinta yana da faranti shida, kowanne yana ɗaukar kilo huɗu. Zubi ɗaya kilo 24 ke nan, rabin kwando, kuma yana cin kwana uku a hunturu. A wata uku na araha, in aka cire ranakun hazo da na hidimar gida, zubi 24 ya isa a yi alkawari da shi. Kwando goma sha biyu ke nan, kauɗa kilo 36.

Kilo 36 ba shi da yawa, kuma ina so mai jawabi ta faɗi haka da bakinta kafin ma'ajin ƙungiya ta gano. Idan ta sayar da kilo a naira 6,000 da damina, kuɗin da zai shigo 216,000 ne. A cire 90,000 na tumatir da mota da leda, saura 126,000. Akwatin kuwa, haɗe da sikeli da wuƙaƙe, mu ce 160,000. Ke nan ribar shekarar farko ba za ta biya akwatin ba. Budurwar da ta tsaya ta ce "wata shida zan dawo muku da kuɗinku duka" ko dai ba ta yi lissafi ba, ko tana fatan ba za su yi ba. Matan da suka shekara goma suna riƙe da littafin adashi za su yi.

To, ta yaya za ta nemi kuɗin? Ga yadda zan so in ji ta:

"Iyayena, naira 250,000 nake nema, kashi biyu. Dubu ɗari da sittin na akwati ne, kuma akwatin naku ne, ba nawa ba, a gidan da kuka zaɓa za a ajiye shi. Dubu casa'in na tumatir da leda da mota ne, zai dawo asusu a watan Agusta in Allah ya yarda. Ribar da aka samu mu raba biyu, rabi naku, rabi ladan aikina. A lissafina rabonku naira 63,000 ne a shekara, akwatin zai biya kansa a kaka ta uku."

Wannan tsarin yana da dalili. Mata da yawa a ƙungiyoyin nan ba za su karɓi bashi mai ruwa ba, kuma ba za su bayar ba. Abin da ta kawo kuwa shi ne malamai suke kira mudaraba: wani ya kawo dukiya, wani ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka yarda tun farko, rabi ko sulusi, ba wani ƙayyadadden kuɗi ba. Idan aka yi asara ba da sakacinta ba, masu dukiya su rasa dukiya, ita ta rasa wahalarta. Dole ta furta wannan a fili, a rubuta, domin rigimar da ke raba zumunci daga baya kusan kullum daga nan take tasowa, kowa da abin da ya ɗauka an yarda a kai.

Akwai wani abu da ake yawan tsallakewa, wato jiran kuɗi. Za a kashe jarin daga Janairu zuwa Maris, ba zai fara dawowa ba sai Yuni. Wata biyar ke nan kuɗin ƙungiya yana kwance a cikin kauɗar da aka ajiye a bokiti. Idan a tsakanin nan ne mambobi suka saba cire kuɗin azumi ko na takin damina, sai a san da haka tun ranar jawabi.

Bayan ta gama, tambayoyi za su zo, kuma su ma cikin jawabin suke. Wata dattijuwa za ta ce, "'Yar nan, in damina ta sauka ya yi fumfuna fa?" Amsar da za ta gamsar ita ce wadda ke nuna ta san yadda ɓarnar take faruwa. "Goggo, hanya biyu yake lalacewa. Ko a kwashe shi bai gama bushewa ba, ko ya sha danshi a wurin ajiya." Sai ta faɗi yadda take ganewa. Wanda ya bushe yana lanƙwasuwa ba ya manne wa yatsa, in an matsa shi ba ya fitar da ruwa. Tana zuba kaɗan a kwalba ta rufe kwana biyu, in gumi ya fito a jikin kwalbar, zubin gaba ɗaya ya koma akwati. Wanda ya ci jarrabawa yana shiga leda mai kauri a ɗaure baki, ledar ta shiga bokiti mai murfi, bokitin a ɗora shi a kan katako nesa da bango. Idan aka tambaye ta dalilin baƙi, shi ma sananne ne: zafin da ake so a cikin akwati digiri 50 zuwa 60 ne. In ya wuce haka sosai, bayan tumatirin yana ƙeƙashewa ya kulle ruwa a ciki, launi ya ƙone. In kuma an yanka da yamma ya kwana da ruwansa, sai ya yi tsami. Shi ya sa yanka da sassafe ne, kuma a ranar farko ƙofofin iska a buɗe suke gaba ɗaya.

Wata za ta tambayi wa zai saya da wannan tsadar, alhali ga kauɗar kasuwa da araha. A nan "mutane za su so" ba amsa ba ce. Amsa ita ce ta ce ta kai ɗanɗano ga masu dafa abincin sayarwa a cikin garin Gombe, wasu sun ce za su karɓa, ga adadin da kowacce ta ambata. In ba ta yi wannan zagayen ba, to lokacin jawabi bai yi ba tukuna. Kuma kada ta yi alkawarin manyan kantuna a shekarar farko, domin abincin da aka ƙulla da suna aka ɗora a kanti yana buƙatar rajistar hukumar NAFDAC, da kuɗinta da binciken wurin aiki, wanda ba ya cikin 250,000 ɗin nan.

Kuɓewa da zogale da tattasai za su iya shiga akwatin bayan damina, su rage shekarun biyan kuɗinsa, kuma mambobi za su iya hayar faranti su busar da nasu. Ta ambaci wannan a jimla ɗaya ta wuce, kada ta sa shi a lissafi tunda ba ta auna ba. Idan ƙungiya ta ga 250,000 ya yi nauyi, ta kasance da ƙaramar buƙata a hannu: a ba ta kuɗin kwando biyu, a wakilta mata biyu su tsaya a kan awo ranar yanka da ranar kwasa, su kawo wa taron wata mai zuwa abin da sikeli ya nuna.