Kowa na rububin sabon hannun jari, ko farashin ya yi daidai?

Wani ya ce in yi maza in saya, wai masu nema sun fi hannun jarin yawa. Wannan ai shaida ce cewa da araha, ko?

A'a, ɗan'uwa. Cunkoso a bakin rumfa yana nuna yawan masu so ne kawai. Kamfanin da masu ba shi shawara su ne suka yanka farashi, kuma burinsu su tara kuɗi gwargwadon abin da kasuwa za ta ɗauka. Shi ya sa suke fito da tayi a lokacin da kasuwa ta yi zafi.

Mun ga haka a Najeriya. A 2007 bankuna suka yi ta sayar da sabbin hannayen jari, ma'aikata da 'yan kasuwa na bin layi da fom a hannu, wasu ma da bashi suka saya. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ya haura maki 66,000, amma 2009 ta ƙare yana wajen 21,000. A 2011 aka karɓe Afribank da Spring Bank da Bank PHB, masu hannun jarinsu suka tashi da takarda kawai. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin akwai waɗanda kuɗin sallamarsu suka zuba.

To da me zan auna farashin?

Da ribar kamfanin. Nemi kundin bayanin tayin, wanda a shafin kamfani za ka ga an rubuta masa Prospectus, ka ciro ribar bara bayan haraji, da yawan hannayen jarin da za su kasance bayan an gama sayar da sababbin.

Bari in ƙirƙiro misali. Kamfani yana sayar da hannu ɗaya a kan naira 50. Ribarsa ta bara naira biliyan 10 ce, hannayen jarinsa biliyan 4, zai ƙara biliyan 1. A talla za a ce maka kowane hannu ya samu naira 2.50. Amma ranar da ka shiga, tuwon nan za a raba shi gida biliyan 5 ne, wato naira 2. Raba 50 da 2, ka samu 25: kana biyan ribar shekara 25 ke nan.

Idan kamfanoni irinsa da suka daɗe a kasuwa ana sayensu a kan ribar shekara 8, da wannan ma'auni hannun nan naira 16 ne. Sauran naira 34 kuɗin kyakkyawan fata ka biya.

Yanzu kawo shi aljihunka. Naira 100,000 za ta saya maka hannu 2,000. In kamfanin ya raba rabin ribarsa, naira 2,000 za ta shigo maka a shekara, kafin a cire haraji. Sukuk ɗin gwamnatin tarayya na farko, wato takardar zuba jari mara kuɗin ruwa, a 2017, ya biya sama da kashi 16 cikin ɗari, wato fiye da naira 16,000 a kan wannan kuɗin.

Amma ai da sabon kuɗin kamfanin zai bunƙasa?

Yana yiwuwa, kuma adalci ne a lissafa shi. Naira biliyan 50 za su tara. In kuɗin ya haifi kashi 20 cikin ɗari, riba ta koma biliyan 20, kowane hannu naira 4, shekara 25 ta sauko 12 da rabi. Duk da wannan kyakkyawan zato, bai kai arahar takwarorinsa ba.

Kafin ma ka yi wannan lissafi, duba inda kuɗin zai tafi. Idan biyan tsohon bashi ne, ko cika jarin da hukuma ta wajabta, kada ka sa ran sabuwar riba da wuri. Wani tayin kuma kuɗin ba ya shiga kamfanin sam. Da aka sayar wa jama'a hannayen jarin MTN Nigeria miliyan 575 a kan naira 169 a Disambar 2021, uwar kamfanin ce take rage nata kason. Wannan ba laifi ba ne, amma ba za ka lissafa kuɗin a matsayin jarin faɗaɗa aiki ba.

Ka kuma duba ribar shekara uku zuwa biyar. Wadda ta yi tsalle a shekarar tayi kaɗai, saboda an sayar da gini ko canjin dala ya ɗaga ta, ba lallai ta maimaitu ba.

In na tsaya lissafi, ba za a bar ni a baya ba?

Bayan an rufe tayi, hannun jarin zai hau kasuwa, dillali zai iya saya maka duk ranar aiki. Facebook ya fito a Mayun 2012 a kan dala 38, duniya na ta kururuwa. Zuwa Satumba ya faɗo ƙasa da dala 18. Kamfanin na ƙwarai ne, daga baya ya ninka sau da yawa, amma wanda ya haƙura wata huɗu ya same shi a ƙasa da rabin kuɗin. Wani lokaci kuwa farashin hawa zai yi ya bar ka, wannan ma gaskiya ne. In dai lissafinka ya ce naira 16, rubuta iyakar abin da za ka biya, ka gaya wa dillalinka mai rajista da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, ka jira sakamakon kuɗi na farko da kamfanin zai fitar bayan ya shiga kasuwa.