Hauhawar Farashi da Ribar Ajiya: Riba ta Lamba da Riba ta Haƙiƙa

Riba ta lamba ita ce ƙarin da kuɗin ajiya suka yi idan an ƙirga su a naira ko a sefa, wato abin da mutum ke gani a takardar banki ko a saƙon wayarsa. Riba ta haƙiƙa kuwa ita ce ƙari ko ragin da aka samu a yawan kayan da kuɗin za su iya saye, bayan an cire abin da hauhawar farashi ta ci. Ma'aunan biyu ba sa tafiya tare. Sau da yawa kuɗi kan ƙaru a lissafi, amma idan an kai su kasuwa sai a tarar ba sa sayen abin da suka saba saye. Masanin tattalin arziki ɗan Amurka Irving Fisher ne ya fi shahara da bayanin wannan bambanci, musamman a littafinsa na 1930 kan kuɗin ruwa, shi ya sa ake kiran lissafin da sunansa.

Yadda ake auna hauhawar

A Najeriya, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce ke fitar da alƙaluman kowane wata. Ma'aikatanta kan bi kasuwannin birni da na ƙauye suna rubuta farashin wasu kayayyaki da aka keɓe: abinci, haya, sufuri, magani, tufafi da makamantansu. Kowane kaya ana ba shi nauyi gwargwadon abin da gidaje ke kashewa a kansa, sannan a kwatanta jimillar da ta watan nan na bara. Hukumar ta ce a Disambar 2024 hauhawar ta kai kashi 34.80 cikin 100. Ma'ana, kayan da aka saya naira 100 a Disambar 2023 sun koma kusan naira 135. Wannan tashin ya biyo bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan da ya biyo baya.

Lissafin

Hanya mai sauƙi ita ce a debe hauhawar daga ribar. Idan banki na ba da kashi 5, farashi kuma ya tashi da kashi 3, riba ta haƙiƙa kusan kashi 2 ce. Amma wannan kintace ne kawai, yana aiki ne idan lambobin ƙanana ne. Cikakken lissafin shi ne:

```
r = (1 + i) / (1 + π) − 1
```

A nan i ita ce riba ta lamba, π ita ce hauhawar farashi, r kuma riba ta haƙiƙa, kowacce an raba ta da 100, wato kashi 34.8 ana rubuta shi 0.348.

Misali daga shekarar 2024

Dokar Babban Bankin Najeriya ta ce kuɗin ruwan asusun ajiya kada ya gaza kashi 30 cikin 100 na ma'aunin ruwan da shi babban bankin ya ƙayyade. A Nuwamban 2024 ma'aunin ya kai kashi 27.5, don haka mafi ƙarancin abin da banki zai biya shi ne kashi 8.25 a shekara. A farkon shekarar bai kai haka ba, amma bari mu kyautata wa mai ajiyar, mu ƙaddara haka aka biya shi tun daga farko har ƙarshe.

A ce wata mai ɗinki ta ajiye naira 500,000 shekara guda ba ta taɓa ba. Ribarta naira 41,250. Za a cire harajin kashi 10 daga ribar, wato naira 4,125, saura 37,125. A ƙarshen shekara asusunta na nuna naira 537,125, kuma duk wanda ya ga wannan lambar zai ce ta samu ƙaruwa.

Yanzu a kai kuɗin kasuwa. A ɗauka ranar da ta yi ajiyar buhun hatsi naira 50,000 ne, kuɗinta buhu goma ke nan cif. Idan hatsin ya tashi daidai da sauran kaya, da kashi 34.8, buhu ya koma naira 67,400. Buhu goman nan yanzu sai da naira 674,000, abin da ke hannunta kuwa ko buhu takwas bai cika saye ba. An ƙara mata naira dubu talatin da bakwai, amma buhu biyu sun tafi. Idan an raba 537,125 da 1.348, za a samu kimanin 398,500, wato darajar kuɗinta da farashin bara. Ribarta ta haƙiƙa asara ce ta kusan kashi 20.

Da an bi hanyar debewa, da an ce ribarta bayan haraji, wato kashi 7.4, a cire 34.8, asarar kashi 27 ke nan, wanda ya zarce gaskiya nesa. Wannan ne dalilin da ya sa a shekarar tsada ba a dogara da gajeren lissafin. Da kuma a asusun ƙasa ko ƙarƙashin katifa ta ɓoye kuɗin, da darajarsu ta dawo kimanin naira 371,000, asarar kusan kashi 26. Ribar bankin ta rage zafin asarar ne kawai, ba ta hana ta ba. Akwai kuma wani sharaɗi da masu ajiya da yawa ba su sani ba: wanda ya cire kuɗi fiye da sau huɗu a wata, ribar wannan watan ta faɗi.

Ajiyar da ba ta da ruwa

Mutane da yawa a ƙasar Hausa ba sa karɓar kuɗin ruwa saboda addini, sai su ɗauka wannan lissafi bai shafe su ba. Ya shafe su ƙwarai, domin hauhawar farashi ba ta tambayar inda aka ajiye kuɗi. Ribar asusun mudaraba a bankin Musulunci, da haka ake auna ta. Haka ma adashe, inda riba ta lamba sifili ce. A ce mutum goma sha biyu na zubin naira 50,000 duk wata, kwasa naira 600,000. Zubin kowa ɗaya ne, abin da uwar adashe ke miƙa wa kowa ma ɗaya ne. Amma da irin tsadar 2024, kwasar ƙarshe, wadda ta zo wata goma sha ɗaya bayan ta farko, tana sayen abin da kimanin naira 456,000 suka saya ne a watan farko. Mai kwasar farko ya amfana, na ƙarshe ya ɗauki nauyin, ba tare da wani ya ci wa wani amana ba.

Inda ake yin kuskure

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar saukar alƙaluman hauhawa a matsayin saukar farashi. Idan hauhawa ta sauko daga kashi 34 zuwa 24, kaya na ci gaba da tashi, saurin tashin ne ya ragu, kuma abin da aka riga aka rasa ba ya dawowa. Wani lokaci ma saukar daga canjin ma'auni take. A farkon 2025 hukumar ta sabunta jerin kayan da nauyinsu, ta mayar da shekarar kwatance daga 2009 zuwa 2024, sai lambar ta dawo kashi 24.48 cikin wata guda, alhali kasuwa ba ta yi irin wannan sauƙin ba.

Sannan lambar hukuma matsakaiciya ce ta ƙasa baki ɗaya. Gidan da mafi yawan kuɗinsa ke tafiya a cefane ya fi jin tsadar, domin a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40. Mai tara kuɗin aikin hajji ko na gini, da farashin kujera ko na siminti ya kamata ya auna ajiyarsa.

A Jamhuriyar Nijar abin ya sha bamban. Ribar littafin ajiya a ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa kashi 3.5 ce, ba ta kai rabin ta Najeriya ba. Sai dai sefa a ɗaure take da kuɗin yuro, kuma babban bankin yankin na ƙoƙarin riƙe hauhawa tsakanin kashi 1 da 3. A shekarar da farashi ya tashi da kashi 2, mai ajiya a Maraɗi ya samu ribar haƙiƙa ta kusan kashi ɗaya da rabi, yayin da ɗan'uwansa a Katsina, mai karɓar kashi 8.25 a 2024, ya tashi da asarar kusan kashi 20.