Awon jini kan matsalar al'ada da ekografi: wace rana ake zuwa?

Malama, al'adata tana zuwa duk bayan kwana 35. An yi mini awon progesteron a rana ta 21, aka ce ban saki ƙwai ba. Gaskiya ne?

Ƴar'uwa, kada ki tayar da hankalinki tukuna, don an ɗebi jinin kafin lokacinsa. Progesteron, sinadarin da ke shirya mahaifa don ɗaukar ciki, ba ya hawa sai ƙwai ya fita, kuma yana kai ƙololuwa wajen kwana bakwai bayan haka. Daga fitar ƙwai zuwa jini na gaba kusan kwana 14 ne. Mai zagayen kwana 28 ƙwanta na fita wajen rana ta 14, shi ya sa ake ce mata ta zo rana ta 21. Ke kuwa, cire 14 daga 35, saura 21. Wato ranar da aka soka miki allura, ƙwan ma yana shirin fita ne, dole awon ya nuna ƙasa. Ranarki ita ce ta 28, mako guda kafin jinin da kike tsammani.

Wannan kuskuren na damuna ƙwarai, don na sha ganin mace a nan Damagaram ta zo da takarda a ƙulle a bakin zane, tana kuka, alhali lissafi ne kawai ya kauce.

Daga yaushe zan fara ƙirga?

Daga ranar da jini ya zubo sosai, ja, har kika sa ƙunzugu. Ɗan ɗigon da ke rigayarsa ba ya cikin lissafi. Mata da yawa suna ƙirgawa daga ranar wankan tsarki, sai lissafin ya goce da kwana biyar ko shida.

To FSH, LH, TSH da prolaktin da aka rubuta mini fa?

FSH da LH, har da estradiyol, sinadaran da ke kula da nunar ƙwai da fitarsa, ana auna su tsakanin rana ta 2 da ta 5, kina cikin jini, domin a tsakiyar zagaye LH yana tashi da kansa ya rikita sakamakon. TSH, na maƙoshi, ba ruwansa da rana. Prolaktin, sinadarin da ke kawo ruwan nono, shi ma haka, amma ki je da safe, ki ɗan huta kafin a ɗiba. In kina shayarwa ko kina kan ƙwayar tsarin iyali ko allurarsa, ki faɗa wa likita. Wadda jininta ya ɗauke gaba ɗaya, awon ko tana da ciki ake fara yi mata, sauran kuma a yi kowace rana.

Ekografin, sai na gama al'ada?

E, ya fi kyau da jini ya tsaya, wajen rana ta 5 zuwa ta 10. Lokacin shimfiɗar cikin mahaifa ta yi siriri, ƙaramin tsiro ba ya ɓuya. A tsakiyar zagaye kuwa, jakar ƙwai kan kai santimita 2, har a ɗauke ta ƙari, shi ya sa akan sake dubawa bayan mako shida zuwa takwas.

In ta kan mara za a yi, ki sha ruwa ki riƙe fitsari. In ta gaba ce, wadda ta fi nuna abu dalla-dalla, sai ki yi fitsari tukuna. Budurwa ta kan mara ake yi mata. Amma jini mai yawa har da jiri, ko ciwon mara mai tsanani, ba a jira musu rana: a tafi asibiti nan take.