Farashin Takardar Lamuni da Hauhawar Kuɗin Ruwa

Takardar lamuni shaidar bashi ce da gwamnati ko kamfani ke bai wa wanda ya ranta musu kuɗi. A mafi yawan irin waɗannan takardu, ruwan da za a riƙa biya kowace shekara da uwar kuɗin da za a mayar ranar cikar wa'adi duk an ƙayyade su tun farko, ba sa sauyawa. Abin da ke hawa da sauka shi ne farashin da ake sayar da takardar a kasuwa kafin wa'adin ya cika.

Dalilin faɗuwar farashi yana cikin wannan ƙayyadewar. Idan kuɗin ruwa ya tashi, sababbin takardu za su fito da ruwa mai tsoka, ita kuwa tsohuwa tana nan da ruwanta na da. Babu mai sayenta a tsohon farashi alhali ga wadda ta fi ta. Dole mai ita ya yi ragi har ribar mai saye ta kai abin da zai samu a sabuwa.

A ɗauki takardar naira 100,000 mai biyan kashi 10 cikin ɗari, wato naira 10,000 duk shekara, wadda saura shekara 3 wa'adinta ya cika. Sai ruwan kasuwa ya koma kashi 15. Don gano farashinta na yau, ana raba kowane biya da 1.15, a maimaita rabawar sau adadin shekarun da za a jira shi; biyan ƙarshe ya haɗa ruwa da uwar kuɗi, wato naira 110,000:

10,000 ÷ 1.15 = 8,696
10,000 ÷ 1.15² = 7,561
110,000 ÷ 1.15³ = 72,327

Jimilla naira 88,584 ke nan. Ragin naira 11,416 shi ke cike giɓin kashi 5 da mai saye zai rasa kowace shekara, domin a ƙarshe naira 100,000 cif za a ba shi.

Tsawon wa'adi shi ke ƙara tsananin faɗuwar. Da saura shekara 1 ne, farashin zai tsaya a naira 95,652. Da saura shekara 10 ne, zai gangaro zuwa kusan naira 74,900, saboda mai saye zai daɗe yana karɓar ƙaramin ruwa. Sukuk, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, mai ƙayyadaddiyar haya ma haka farashinsa ke yi.

Wanda ya riƙe takardarsa har wa'adi zai karɓi kuɗinsa cikakke muddin mai bashin bai gaza ba. Asarar tana tabbata ne ga wanda buƙata ta tilasta masa sayarwa da wuri. Haka ta faru da bankin Silicon Valley na Amurka, wanda ya tara takardu masu dogon wa'adi lokacin da ruwa ke ƙasa. Babban bankin ƙasar ya fara ɗaga ruwa a 2022, masu ajiya suka riƙa cire kuɗinsu, bankin ya sayar da takardu da asarar kusan dala biliyan 1.8, hukumomi suka rufe shi a watan Maris na 2023.