Shaidar halitta: dalilin da ya sa ba a rubuta zakin siminti da sunan zaki

Masu ɗaukar hoton tsuntsaye, ƙwari da itatuwa suna ɗorawa a manhajar iNaturalist sun saba ganin wani layi a ƙarƙashin kowane hoto, an rubuta Evidence of organism. Abin da layin ke tambaya shi ne: wannan hoton ya nuna cewa wata halitta ta kasance a wannan wuri, a wannan lokaci? Wannan ita ce shaidar halitta. Ba dole sai an ga dabbar da kanta ba. Sawunta a laka shaida ne, haka kashinta, gashin tsuntsu da ya faɗo, sheƙa, saɓar maciji, ko kukan da aka naɗa da waya. Duk waɗannan daga jikin dabbar ko aikinta suka fito. Mutum-mutumin zaki, giwar roba ta wasan yara da hoton kada da aka zana a bango kuwa daga hannun ɗan Adam suka fito, dabbar ba ta taɓa su ba.

Kowane abu da aka ɗora a manhajar yana ɗauke da magana uku a haɗe: wace halitta, a ina, yaushe. Wanda ya sa suna a kan hoto yana tabbatar da dukan ukun ne, ko ya sani ko bai sani ba.

A ce wani ya wuce ƙofar wani gida a Kano, ya ga zakin siminti an yi masa fenti mai kyau, ya ɗauka daga nesa, ya ɗora da suna Panthera leo, sunan zaki a kimiyyance. Wayarsa ta riga ta saka rana da wuri. Wani can a wata ƙasa ya ga ɗan ƙaramin hoton, ya ga geza da siffar zaki, ya danna amincewa ya wuce. Ƙa'idar manhajar ita ce, idan akwai hoto da rana da wuri, kuma aƙalla mutum biyu sun sa suna, fiye da kashi biyu cikin uku sun yarda da jinsi ɗaya, to bayanin ya kai matsayin Research Grade, wato ya cancanci masu bincike su yi aiki da shi. Irin waɗannan bayanai, idan mai su ya ba da izinin amfani, suna wucewa zuwa GBIF, rumbun bayanan halittu na duniya mai hedkwata a Copenhagen. A can, mai bincike yana sauke dubban layuka ne a tebur. Abin da zai gani shi ne suna, lambobin wuri da kwanan wata. Fentin da simintin ba sa cikin teburin.

Ga zakin Afirka ta Yamma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Binciken da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa kusan 400 suka rage a yankin gaba ɗaya, a wurare huɗu kacal: Niokolo-Koba a Senegal, dazukan W da Arly da Pendjari da suka haɗa Nijar, Burkina Faso da Benin, sai Kainji da Yankari a Najeriya. Dabbar da ta yi ƙaranci haka, ɗigo ɗaya a taswira yana da nauyi. Masu hasashen inda dabba za ta iya rayuwa suna ɗaukar kowane ɗigo su haɗa shi da ruwan saman wurin, zafinsa da irin ciyayinsa. Idan ɗigon tsakiyar Kano ya shiga lissafi ba a tace shi ba, ya ce musu zaki yana rayuwa a unguwa mai kwalta da cunkoson jama'a. Zaki a Kano ma da sauƙi, kowa zai yi shakka. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mujiyar roba da ake kafawa a kan rufi don korar tsuntsaye, ko ƙadangaren roba da yaro ya yar a ciyawa, domin wurin ya dace da su kuma ba wanda zai tsaya dubawa.

To wane suna za a sa? Abin da masu tantancewa suka saba yi shi ne su rubuta Human, wato ɗan Adam, Homo sapiens. Mutane da yawa wannan yana ba su mamaki, amma hujjar ɗaya ce da ta suri: idan ka ga suri ka san gara ce ta gina shi, don haka sunan gara ake sa masa. Mutum-mutumi ma sunan wanda ya gina shi ake sa masa. Duk abin da jama'a suka amince mutum ne yana komawa matsayin Casual, ba ya zuwa wurin masu bincike. A misalinmu, mutum biyu sun ce zaki, na uku ya ce mutum: biyu cikin uku bai wuce kashi biyu cikin uku ba, sai sunan ya janye daga zaki ya koma babban rukunin da ya haɗa zaki da mutum, cikin dabbobi masu shayarwa. Hanya ta biyu ita ce a sauka zuwa sashen Data Quality Assessment a danna a'a a layin Evidence of organism. Idan masu cewa a'a suka fi yawa, nan take ya koma Casual. Ni na fi son a haɗa biyun, tare da ɗan bayani cikin ladabi, saboda yawanci mai ɗorawar sabo ne ko ɗalibi da ke gwada manhajar, ba mai neman ɓata aiki ba.

Gane na bogi yana buƙatar buɗe hoton da girmansa. A duba layin haɗin da ƙira ke bari a tsakiyar baya ko gefen ƙafa, ƙyallin fenti da inda ya ɓare, ido da ba shi da laima, gashin da ya manne ya zama dunƙule ɗaya, da dakalin da aka ɗora shi a kai. Idan hotuna biyu ko uku ne kuma dabbar ba ta motsa ko kunne ba, alama ce babba. In abin ya shige duhu, a tambayi mai hoton kafin a sa suna.

Akwai iyakokin da ake yawan ruɗewa a kansu. Zakin gidan zu na Audu Bako zaki ne na gaske, sunansa zaki, sai dai a danna a'a a layin Organism is wild domin mutane suka ajiye shi. Fatar damisa da aka rataye a falo daga jikin dabbar take, amma falon ba inda ta rayu ba ne, ranar hoton ma ba ranarta ba ce. Zane kuwa kashi biyu ne. Wanda ya ga tsuntsu da idonsa, ya zana abin da ya gani, ya sa ranar da wurin, ana karɓar zanensa a matsayin shaida, kamar yadda masanan halittu suka yi aiki kafin kyamara ta yaɗu. Wanda ya kwaikwayo daga littafi ko ya ɗauki hoton zanen bayan mota bai ga komai ba sai aikin mai zane.

Ko raƙuman dawa da aka sassaƙa a dutsen Dabous, arewa da Agadez, suna ƙarƙashin wannan hukuncin. Sassaƙar ta dubban shekaru ce, kuma masana tarihi suna karanta ta a matsayin alamar cewa yankin ya taɓa zama mai ruwa da ciyayi. Amma wanda ya ɗauke ta bana ya sa mata sunan raƙumin dawa ya rubuta cewa dabbar tana yawo a Ayir bana, alhali babban garken da ya rage a Nijar yana can kudu, a yankin Kure kusa da Yamai.