Harajin da Abokin Ciniki ke Riƙewa daga Kuɗin Aiki, a Littafin Mai Aikin

Harajin riƙo wani kaso ne da doka ke wajabta wa mai biyan kuɗin aiki ya cire daga abin da aka nema a hannunsa, ya kai wa hukumar haraji da sunan wanda ya yi aikin. Akan cire shi daga kuɗin lauya, injiniya, mai ba da shawara, ɗan kwangila, mai gyaran na'urori da makamantansu. Mai aikin ba ya karɓar cikakken kuɗin da ya rubuta a takardar neman biya, amma abin da aka cire bai tashi daga zama nasa ba. A mafi yawan tsare-tsare ana ɗaukarsa a matsayin kafin alƙalami na harajin kuɗin shiga da zai biya a ƙarshen shekara. Saboda haka a littafinsa yana shiga ne a matsayin kadara, wato haƙƙin da yake bin hukumar haraji, ba a matsayin asara ko rangwame ba.

## Asali

Akan danganta cire haraji tun daga tushe da Birtaniya. Firaministan ƙasar, William Pitt, ya kawo harajin kuɗin shiga a 1799, yana dogaro da abin da mutane suka bayyana da bakinsu, kuma abin da aka tara bai kai yadda aka yi tsammani ba. Da magajinsa Henry Addington ya maido da harajin a 1803, sai ya ɗora nauyin cirewa a kan mai biya: ɗan haya ya cire daga kuɗin haya, mai biyan kuɗin ruwa ya cire kafin ya biya. Dabarar ita ce mai biya ba shi da wata riba a ɓoye kuɗin wani, kuma bin masu biya kaɗan ya fi sauƙi a kan bin masu karɓa da yawa.

Cirewa daga albashi ta kafu sosai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a Amurka a 1943, a Birtaniya a 1944. A lokuta daban-daban aka faɗaɗa tsarin zuwa kuɗin ayyukan da ba na albashi ba, galibi a rabin ƙarshe na ƙarni na 20. Birtaniya ta shigo da shi harkar gine-gine a wajen farkon shekarun 1970, kuma a tsarinta na yanzu ana cire kashi 20 cikin ɗari daga ƙaramin ɗan kwangilar da ya yi rajista, kashi 30 daga wanda bai yi ba. Ƙasashen da masu sana'ar kansu suka yi yawa kuma bibiyarsu ke da wuya sun fi jingina da shi, irin su Indiya, Filifin, Kenya da Najeriya. Kowace ƙasa da nata kason da irin ayyukan da ya shafa.

## Yadda ake shigar da shi

Littafin ciniki yana da ɓangare biyu: na hagu, wanda akantoci ke kira debit, da na dama, wato kiredit. Misalin da ke tafe na koyarwa ne, kuma kason da ke cikinsa ba na wata ƙasa ba ne.

Wani kamfani ya yi aikin gyaran na'urori a kan 200,000. Akwai harajin VAT na kashi 10, wato 20,000, don haka takardar neman biya ta tashi a 220,000. Ranar da aka fitar da takardar, akanta zai sa 220,000 a hagu a asusun bashin da ake bin abokin ciniki. A dama zai sa 200,000 a asusun kuɗin shiga na aiki, da 20,000 a asusun VAT da za a kai wa hukuma. Kuɗin shiga ana rubuta shi cikakke, domin aikin 200,000 aka yi, ko nawa zai iso banki.

Bayan wata guda abokin ciniki ya biya, ya riƙe kashi 5. A yawancin dokoki ana lissafa wannan kaso a kan kuɗin aikin kawai, ban da VAT, don haka abin riƙewa 10,000 ne, abin da ya shigo banki kuma 210,000. Yanzu akanta zai sa 210,000 a hagu a asusun banki, ya sa 10,000 a hagu a wani asusu na daban mai suna harajin riƙo da ake bin hukuma, sannan ya sa 220,000 a dama a asusun abokin ciniki. Da haka bashin abokin ciniki ya goge baki ɗaya. Abin da ya faru shi ne 10,000 ta sauya wanda ake bi: da abokin ciniki ne, yanzu hukumar haraji ce.

A ƙarshen shekara ana lissafa harajin kamfanin a kan ribarsa. A ce ya kama 85,000, abin da abokan ciniki daban-daban suka riƙe a shekarar kuma ya kai 60,000. Akanta zai rubuta 85,000 ɗin duka a matsayin kuɗin harajin shekara da kuma bashin da hukuma ke bin kamfanin, sannan ya kwashe 60,000 daga asusun harajin riƙo ya rage wannan bashi da ita. Abin da za a biya da tsabar kuɗi 25,000 ne. Ƙa'idar lissafi ta duniya kan harajin kuɗin shiga, IAS 12, ta tanadi cewa idan abin da aka riga aka biya ya zarce abin da ya wajaba, rarar kadara ce.

## Takardar shaida

Wannan kadara ba ta da ƙarfi sai da shaida. Hukumar haraji ba ta rage wa mai aiki komai don kawai littafinsa ya nuna an cire. Tana so ta ga takardar shaidar cirewa, ko kuma ta ga kuɗin a rajistarta a ƙarƙashin lambar harajin mai aikin. Sunan takardar ya bambanta: a Indiya an daɗe ana kiranta fom 16A, a Filifin fom 2307. Abin da ke cikinta kusan ɗaya ne ko'ina, wato sunan mai cirewa, suna da lambar wanda aka cire wa, adadin kuɗin aikin, kason, abin da aka cire da kwanan wata.

A nan ne matsala ta fi yawa, domin cirewa da kaiwa abu biyu ne. Abokin ciniki zai iya cirewa ya riƙe a aljihunsa, ko ya kai a makare, ko ya kai amma ya rubuta lambar haraji ba daidai ba, kuɗin ya faɗa sunan wani. A duk waɗannan, mai aikin yana da 10,000 a littafi wadda ba zai iya amfani da ita ba. Shi ya sa akantoci da yawa ke raba asusun gida biyu, na wanda aka cire ana jiran shaidarsa, da na wanda shaidarsa ta zo hannu. Kowane adadi a asusun farko yana ɗauke da lambar takardar neman biyan da ya fito daga gare ta. Idan an duba aka ga adadi ya yi wata shida yana zaune babu shaida, an san wanda za a bi da abin da za a tambaye shi. Idan har ta tabbata shaidar ba za ta samu ba, ko wa'adin nema ya wuce, sai a share adadin ya koma asara. Barinsa shekara da shekaru yana kumbura kadarorin kamfani da kuɗin da ba za su dawo ba, kuma yana daga cikin abin da masu binciken asusu ke fara tambaya.

## Kurakuran da aka fi yi

Mafi yawa shi ne a shigar da 210,000 kawai a bar sauran. Alamarsa a bayyane take: jerin masu bashi ya cika da ƙananan ragowa, kowace daidai da kashi 5 na kuɗin wani aiki, ana ta aika wa mutanen da suka riga suka biya takardar tuni. Na biyu shi ne a goge ragowar a matsayin rangwame ko kuɗin banki. Wannan ya fi muni, domin littafi zai daidaita babu wanda zai lura, alhali kamfanin ya yar da haƙƙinsa, zai kuma biya harajin nan karo na biyu a ƙarshen shekara. Akwai kuma masu rubuta kuɗin shiga 190,000 maimakon 200,000, abin da ke sa cinikin da suka bayyana ya saɓa da abin da abokan cinikinsu suka kai wa hukuma rahoto.

Kuskure kan fito daga wajen mai biya ma. A misalin nan, idan 209,000 ta shigo, an cire 11,000 ke nan, wanda shi ne kashi 5 na 220,000. Ma'ana an haɗa da VAT wajen lissafi. Mai aiki zai rubuta abin da aka cire a zahiri, sannan ya nemi ko dai a maido masa 1,000 ɗin, ko shaidar ta nuna 11,000 cif.

## Idan abin da aka riƙe ya fi harajin

Ana cire harajin riƙo a kan jimillar kuɗin aiki, shi kuwa harajin shekara a kan riba ake lissafa shi. Wannan bambanci yana matsa wa masu ƙaramar riba. Kamfanin da ya yi aikin 2,000,000 a shekara, aka riƙe masa kashi 5, an ɗauke masa 100,000. Idan ribarsa 200,000 ce, haraji kuma kashi 30, abin da ya hau kansa 60,000 ne. Saura 40,000 tana hannun hukuma, kuma baɗi ma haka za ta sake taruwa. Wasu dokoki sun yarda a tura rarar zuwa shekara mai zuwa, wasu a nemi a maido, kodayake maidowar kan ɗauki lokaci. A wasu ƙasashe irin wannan kamfani zai iya neman takardar sassauci, wadda zai nuna wa abokan ciniki su rage kason ko su daina cirewa.

## Lokacin shigarwa

Akwai saɓani. Wasu na shigar da harajin tun ranar fitar da takardar neman biya, wasu ranar biya, wasu sai shaida ta zo. Ranar biya ce aka fi bi, sai dai inda doka ta ce cirewa na wajaba tun lokacin da mai biya ya rubuta bashin a littafinsa.

## Harajin ƙarshe da abokin ciniki na waje

Wani lokaci doka kan ce abin da aka cire shi ne harajin baki ɗaya a kan wannan kuɗi. A nan babu abin da za a rage a ƙarshen shekara, don haka adadin yana tafiya kai tsaye asusun kuɗin haraji. An fi ganin haka idan mai aiki yana wata ƙasa, mai biya yana wata. Ko ƙasar mai aikin za ta rage masa abin da aka cire a waje, wannan ya dogara da dokarta da yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu, kuma ragin ba ya yawan wuce harajin da ita kanta za ta ɗora wa wannan kuɗi. Idan kwangila ta ce mai biya ne zai ɗauki nauyin harajin, ana ɗaga kuɗin aikin: don mai aiki ya karɓi 200,000 bayan cire kashi 5, jimillar za ta zama kusan 210,526, kuma ita ce yake rubutawa a matsayin kuɗin shiga.