Lambar QR a jikin fosta: me ya sa waya take ƙin karantawa?

"Na buga fosta da lambar QR, amma waya ta ƙi karantawa. Wayar ce ta lalace?"

Wayarka lafiyarta lau. Na amsa wannan tambaya har bakina ya gaji, kuma kusan kullum laifin na fostar ne: ko lambar ta yi ƙanƙanta, ko launinta ya saje da na takardar, ko an cinye farin filin da ke kewaye da ita.

"Farin gefen nan yana ɓata min zane. In yanke shi?"

Kada ka taɓa shi. Duba lambar da kyau, za ka ga ƙananan gidaje ne baƙaƙe da farare kamar gidan dara. Ƙa'idar ISO/IEC 18004 ta ce a bar fili mai faɗin gida 4 ta kowane ɓangare, sama da ƙasa, hagu da dama, babu rubutu, babu layi, babu hoto. A manhajar da ka haɗa lambar za ka gan shi da sunan `margin` ko `quiet zone`. Da wannan fili waya take gane inda lamba ta fara da inda ta ƙare. Ka ga manyan akwatunan nan uku da ke kusurwoyi? Su waya take fara nema. In ka manna "Duba nan!" a jikin ɗaya daga cikinsu, ka rikita ta tun ba a fara ba.

Kuma gida 4 na ce, ba milimita 4 ba. In lambar ta girma, filin ma girma zai yi.

"Kalar kamfaninmu ruwan ɗorawa ce. Zan iya yin lambar da ita a kan fara?"

A'a, Hajiya. Idonki yana ganin kala, ita kuwa manhajar da ke karantawa duhu da haske take aunawa, kuma ruwan ɗorawa a kan fari duk haske ne a wurinta. Shuɗi mai duhu ko kore mai duhu sosai a kan fari sukan yi aiki. In kina so ki tabbatar, mayar da zanen baƙi da fari a kwamfuta. Idan gidajen suka koma toka-toka mai haske, kalar ba ta yi ba. Ki sa ruwan ɗorawar a sauran fostar, ai fili ya isa, ki bar lambar baƙa a cikin farin akwati.

"To farar lamba a kan baƙar fosta fa?"

Wasu wayoyi za su karanta, wasu ba za su karanta ba, kuma ba kai za ka zaɓar wa mutane wayar da za su zo da ita ba. Farin akwati, baƙar lamba. Mu wuce.

"Wane girma zan ba ta? Fostar A2 ce, za a kafa ta a bango."

To, wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna, kuma ba amsa ɗaya gare ta ba. Girman takarda bai gaya min komai ba tukuna. Abin da nake so in sani shi ne inda mai wayar zai tsaya.

Lissafin da aka saba da shi shi ne ɗaya bisa goma: ka auna tazarar da ke tsakanin mutum da fostar, ka raba gida goma, abin da ya fita shi ne faɗin lambar. Mai tsayuwa mita 1 daga bango, santimita 10. Mai mita 2, santimita 20. Takardar da ake riƙewa a hannu kuwa, kada ka yi ƙasa da santimita 2. Sai dai wannan lissafi mafari ne kawai, ba doka ba ce, domin bai san yawan gidajen da ke cikin lambarka ba, alhali kuwa gida ɗaya-ɗaya kyamara take ƙoƙarin rarrabewa. Lambobi biyu za su iya zama santimita 20 daidai, ɗaya ta karantu nan take, ɗaya kuma mutum ya yi ta matsowa yana ja da baya.

Yawan gidaje ya dogara ne da tsawon abin da ka zuba a ciki. Mafi ƙanƙantar lamba gida 21 ce ta kowane gefe, daga nan sai a riƙa ƙara huɗu-huɗu: 25, 29, 33, har zuwa 177. Duk harafin da ka ƙara a adireshin, kana tura ta ne zuwa mataki na gaba.

Bari mu yi naka. A2 faɗinta santimita 42, tsawonta 59.4. A ce akwai benci ko kanta a gaban bangon, mutane ba sa iya matsowa ƙasa da mita 2. Lissafi ya ba mu santimita 20. Yanzu a ce adireshin gajere ne, haruffa 24, kuma ka zaɓi M a matakin gyaran kuskure, wato yawan ɓarnar da lamba za ta iya jurewa ta kuma karantu. Wannan zai shiga lamba mai gida 25. Raba milimita 200 gida 25, kowane gida ya samu milimita 8. Farin fili gida 4 ke nan, milimita 32 ta kowane gefe. Saboda haka wurin da za ka ware a fostar santimita 26.4 ne, ba 20 ba. A nan ne masu zane suke ɓata fuska, domin ya haura rabin faɗin takardar. Su yi haƙuri.

Yanzu a ce adireshin doguwar igiyar nan ce da ka kwafo daga burauza, haruffa 100 da alamomin tambaya da na daidai birjik. A matakin M sai lamba mai gida 41 za ta ɗauke shi. A cikin santimita 20 ɗin nan, kowane gida ya koma ƙasa da milimita 5. In kuma ka ce sai ka dawo da shi milimita 8, lambar kaɗai za ta ci santimita 32.8, da filinta 39.2, a takarda mai faɗin 42. Wato fostar ta zama lamba zalla. Shi ya sa nake cewa kafin ka ƙara girma, fara rage adireshi. Shi ne gyaran da ba ya cin fili.

Shin mai milimita 5 ɗin ba za ta karantu daga mita 2 ba? Tana iya karantuwa. Sabuwar waya mai kyamara mai kyau, da rana tsaka, hannu a tsaye, wataƙila ba za ta ko lura da bambancin ba. Tsohuwar waya mai gilashin kyamara da ya sha karce, a barandar da haske bai wadata ba, ita ce za ta yi ta lalube. Ni don ita nake lissafi. In wurin yana da duhu-duhu, ko mutane za su kalli fostar ta gefe, ko an kafa ta sama da kai har sai an ɗaga waya, nakan ƙara a kan lissafin da kamar rubu'i ko ma rabi. In kuma mutane suna iya zuwa dab da bangon, santimita 8 zuwa 10 ta isa, kada ka cika takarda a banza. Wanda yake so zai matso, in akwai wurin matsowa.

Sannan ka lura da inda ta faɗa a jikin takardar. An saba jefa ta a kusurwar ƙasa, a kafa fostar, sai ga lamba daidai gwiwa. Tsakanin ƙirji da ido ake so. Kada kuma ta hau wurin ninki, ko ta matsu da bakin takarda inda wuƙar madaba'a za ta iya zaftare filinta, ko inda firam zai rufe.

"Zan iya ɗora tambarinmu a tsakiya?"

Kana iyawa, amma ka san me kake saye. Matakan gyaran kuskure huɗu ne: L yana iya maido da kusan kashi 7 cikin ɗari na abin da ya lalace, M 15, Q 25, H kuma 30. Tambari ɓarna ce da ka yi da hannunka, don haka sai ka hau Q ko H, hawan kuma yana ƙara gidaje. Adireshin nan mai haruffa 100 a matakin H gida 57 zai ci, kowane gida milimita 3.5 a cikin santimita 20. Ga shi kuma ka riga ka kashe wani ɓangare na rarar da aka tanada don ƙura da karce da ruwan sama. In dole ne, yi shi ɗan ƙarami, nesa da akwatunan kusurwa. Ni dai gefe nake ajiye tambari.

"Na ɗauki hoton lambar daga fuskar waya na tura wa mai zane. Ya isa?"

Haba ɗan'uwa. Ɗan hoton da ka ja ya kai santimita 20 bakin gidajensa zai dusashe kamar tawada ta sha ruwa. Ba shi SVG ko PDF, waɗanda ba sa dusashewa komai girman da aka ja su. In sai PNG, fitar da ita babba tun farko. JPG kam a'a. Mai amfani da `qrencode` ga layin:

```
qrencode -t SVG -l M -m 4 -o fosta.svg "https://example.com/taro"
```

Ka gaya wa mai zanen kada ya ja ta ta gefe ɗaya don ta cike gurbi, murabba'i take, murabba'i za ta zauna. Mai bugawa kuma ya yi ta da baƙar tawada zalla, K 100. Baƙin da aka haɗa da tawada huɗu, in faranti ɗaya ya ɗan goce, sai ka ga inuwar ja ko shuɗi a bakin kowane gida.

"A tebur tana karantuwa, da aka kafa ta sai ta daina."

Sheƙi ne, kusan tabbas. Leda mai ƙyalli ko gilashin allo yana maido da hasken fitila, sai wani yanki na lambar ya zama fari fat a kyamara. Tsaya a wurin ka duba fuskar wayarka, za ka ga farin tabon. Sauya wurin, ko a yi mata rufi marar sheƙi.

"Na riga na buga guda 500 kafin in gane. Shi ke nan na yi asara?"

Kwantar da hankalinka, ba a kanka farau ba. Buga sabuwar lamba a farar sitika marar sheƙi, da cikakken filinta, mai kaurin da tsohuwar ba za ta leƙo ta ƙasa ba, ka rufe tsohuwar gaba ɗaya. In gurbin ƙarami ne, gajeren adireshi zai ba ka manyan gidaje a wuri guda.

"Na gwada ta a kwamfuta ta yi. Sai me kuma?"

Fuskar kwamfuta haskenta daga ciki yake fitowa, takarda kuwa sai an haska ta, don haka ba ka gwada komai ba. Buga lambar a ainihin girmanta, ko a takardar A3 ce, ka manna ta inda fostar za ta zauna. Koma mita 2 ɗin, ka gwada da wayoyi uku, har da mafi tsufa da za ka iya ara, sau ɗaya da rana, sau ɗaya bayan an kunna fitilu. In sai ka ƙara taku biyu kafin ta kama, koma wurin mai zane kafin ka ce a buga sauran.